Muhawara: Cike matiris ɗin mahaɗu da kallon da'ira, da amsar da ta fito da alamar ɗebewa

Sadiƙu, Farar Gada

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman a duba mini wani aiki da aka ba mu, domin amsar da na samu ba ta kwanta mini a rai ba. Da'irar tana da mahaɗu uku ban da ƙasa. Akwai resista mai om 10 daga mahaɗa ta 1 zuwa ƙasa, da mai om 5 tsakanin ta 1 da ta 2, da mai om 20 daga ta 2 zuwa ƙasa, da mai om 4 tsakanin ta 2 da ta 3, sai mai om 8 daga ta 3 zuwa ƙasa. Tushen karant biyu ne: na farko yana turo amfiya 3 daga ƙasa zuwa mahaɗa ta 1, na biyu kuma yana ɗaukar amfiya 0.5 daga mahaɗa ta 1 yana kaiwa ta 3. An ce mu cike matiris ɗin kai tsaye da kallon zane, ba tare da rubuta ikweshan ɗaya bayan ɗaya ba, sannan mu warware da Python. Ga abin da na rubuta:

```python
import numpy as np
G = np.array([[0.3, 0.2,  0.0],
              [0.2, 0.5,  0.25],
              [0.0, 0.25, 0.375]])
I = np.array([2.5, 0.0, 0.5])
V = np.linalg.solve(G, I)
print(V)
```

Abin da ya fito shi ne `[ 15. -10.   8.]`. Lambobin sun fito cif ba tare da ɓarbashi ba, wanda ya sa nake zaton na kusa, amma ban gane yadda mahaɗa ta 2 za ta sauka ƙasa da sifili ba.

Dauda, Bukuru

Wa alaikumus salam Sadiƙu. Amsarka daidai take, alamar ce kawai ta juye, kuma hakan yana faruwa idan mutum ya ɗauki karant yana tafiya hagu alhali dama yake tafiya. Ka cire alamar ɗebewar ka rubuta 15 da 10 da 8. Idan kana son ka tabbatar, ka gudanar da `np.allclose(G @ V, I)`, matuƙar ya ce `True` to lissafinka ya tafi daidai.

Sadiƙu, Farar Gada

Na gwada, ya ce `True`, amma da amsar da ke ɗauke da alamar ɗebewa. Da na cire alamar na mayar da ita 10 sai ya ce `False`. Ke nan wanne zan kama?

Injiniya Binta, Rayfil

Sadiƙu, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta kai mu inda maganar take. Dauda ya faɗi lambobin da suka dace, amma dalilin da ya kafa ba zai ɗauke mu ba, kuma ina so in yi bayani a tsanake domin wannan kuskure yana komawa hannun ɗalibai kowace shekara.

Gwajin `np.allclose(G @ V, I)` yana tabbatar da abu ɗaya ne kaɗai, wato cewa numpy ya warware matiris ɗin da ka ba shi. Bai san akwai wata da'ira a kan takarda ba, bai kuma ga zanenka ba. Idan matiris ɗin ba na da'irar ba ne, zai warware shi cikin natsuwa ya ba ka amsar wata da'ira dabam, ko ma amsar abin da ba za a iya haɗawa da waya ba. Naka yana cikin kashi na biyu.

Bari mu koma tushen ƙa'idar da ake haddacewa, domin wanda ya ga inda ta fito ba zai sake manta alamar ba. Dokar Kirchhoff ta karant tana cewa duk abin da ya shiga mahaɗa dole ya fita. Ka tsaya a kan mahaɗa ta 2 ka ƙirga karant ɗin da ke barinta ta kowane resista. Wanda ke tafiya wajen mahaɗa ta 1 shi ne `(V2 - V1)/5`, wanda ke sauka ƙasa shi ne `V2/20`, wanda ke tafiya wajen ta 3 kuma `(V2 - V3)/4`. Tun da babu tushen da ke taɓa wannan mahaɗa, jimillarsu sifili ce. Idan ka buɗe su ka tara kowane iri wuri ɗaya, za ka samu:

```
-0.2*V1 + (0.2 + 0.05 + 0.25)*V2 - 0.25*V3 = 0
```

Ka lura cewa boltej ɗin mahaɗar da kake tsaye a kanta yana zuwa da alamar tarawa a kowane reshe, na maƙwabtanta kuwa kullum da alamar ɗebewa yake zuwa, saboda shi ake ɗebewa. Wannan shi ne dukan sirrin cikewa da ido. A gurbin da layi da ginshiƙi suke da lamba ɗaya, kana tara ɗaya bisa turjiyar duk resistan da ya taɓa wannan mahaɗa. A gurbin da ya haɗa mahaɗu biyu mabambanta, kana sa ɗaya bisa turjiyar resistan da ke tsakaninsu, tare da alamar ɗebewa. Idan babu resista tsakaninsu ka sa sifili, kamar yadda ka yi tsakanin ta 1 da ta 3. Gurabenka na tsakiya duk daidai suke, haka ma ɓangaren karant: mahaɗa ta 1 tana karɓar 3 ana ɗauke mata 0.5, saura 2.5, ta 3 kuma tana karɓar 0.5. Abin da ya rage shi ne alamomi huɗu:

```python
G = np.array([[ 0.3, -0.2,   0.0],
              [-0.2,  0.5,  -0.25],
              [ 0.0, -0.25,  0.375]])
```

Da wannan za ka samu bolt 15 da 10 da 8.

Dauda, Bukuru

Ranki ya daɗe Injiniya, na karɓi gyara a kan gwajin da na bayar. Sai dai har yanzu ina ganin maganata ta farko tana nan, tun da lambobin da kuka samu su ne waɗanda na ce ya rubuta. Idan mantuwar alama a cikin matiris tana juya alamar amsa ne kawai, to ai ɗalibi yana iya gyarawa a ƙarshe.

Injiniya Binta, Rayfil

A'a Dauda, dacewa ce aka yi a wannan da'ira, kuma dacewar tana da dalilai biyu da za a iya nunawa. Na farko, mahaɗun suna jere ne kamar sarƙa, ta 1 tana riƙe da ta 2, ta 2 tana riƙe da ta 3, babu resista tsakanin ta 1 da ta 3. Saboda haka duk guraben da alamarsu ta ɓace suna ninka `V2` ne, ko kuma suna cikin layin mahaɗa ta 2. Na biyu, karant ɗin da ke shiga mahaɗa ta 2 sifili ne, kuma sifili bai damu da alama ba. Waɗannan biyu su suka haɗu suka sa kuskuren ya tattaru a kan alamar lamba ɗaya.

Ka rushe ɗaya daga cikin sharuɗɗan ka gani. Ƙara resista mai om 10 tsakanin mahaɗa ta 1 da ta 3. Gurbin ta 1 zai koma 0.4, na ta 3 ya koma 0.475, guraben da ke tsakaninsu kuma su ɗauki 0.1 da alamar ɗebewa. Amsar gaskiya ita ce kimanin 13.54 da 10 da 9.17. Wanda ya bar alamomin tarawa zai samu kimanin 7.81 da 3.84 mai alamar ɗebewa da 1.43. Babu wata alama da zai cire a ƙarshe ta mayar masa da 7.81 zuwa 13.54.

Abin da ya kamata mu yaba wa Sadiƙu a kai shi ne ƙin amincewa da ya yi tun farko. Mahaɗar da ba ta da tushe a jikinta, resistoci kawai ke riƙe da ita, boltej ɗinta dole ya faɗa tsakanin na maƙwabtanta. Maƙwabtan mahaɗa ta 2 su ne 15 da 8 da ƙasa mai sifili, don haka ba ta da hanyar wuce 15, ba ta kuma da hanyar sauka ƙasa da sifili. Wannan dubawa ba ta buƙatar kwamfuta.

Malama Rahila, Tudun Wada

Ina karantawa da sha'awa domin ni ma ina koyar da wannan darasi. Ina da tambaya ga Sadiƙu: me ya sa ba ka sa turjiyar kai tsaye ba, wato 15 a gurbin farko tun da 10 da 5 ne suka haɗu, ka huta da waɗannan lambobi masu ɗigo? A yadda na saba, ana tara turjiyar da ke kewaye a sa a tsakiya, wadda aka yi tarayya a kanta kuma a sa ta a gefe da alamar ɗebewa.

Injiniya Binta, Rayfil

Malama, hanyar da kuka kawo gaskiya ce, amma ta zagaye ce, wadda ake neman karant ɗin da ke kewaya kowane ɗaki na da'ira. A can matiris ɗin turjiya ne yake ninka karant ya ba da boltej. A hanyar mahaɗu abin ya juye: boltej muke nema, karant muka sani, saboda haka abin da ke cikin matiris dole ya zama wanda idan ya ninka bolt zai ba da amfiya, wato ɗaya bisa om, wanda ake aunawa da simens. Siffar ƙa'idojin biyu ɗaya ce, shi ya sa ɗalibai ke cakuɗa su a jarrabawa.

Malama Rahila, Tudun Wada

Haka ne, hankalina ya tafi kan ta zagaye ne. To amma bari in yi tambayar da ta fi damuna a aji. Ta yaya ɗalibi zai gane matiris ɗinsa ya lalace tun kafin ya warware? Nakan ce musu su duba ko gefen sama da gefen ƙasa sun yi daidai da juna, sai ga shi na Sadiƙu ya cika wannan sharaɗi duk da yana da kuskure.

Injiniya Binta, Rayfil

Daidaituwar gefen biyu tana kama wanda ya manta gurbi ɗaya, amma ba ta kama wanda ya yi kuskure iri ɗaya a gefen biyu. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne tara lambobin kowane layi. Kowane resista da ke tsakanin mahaɗu biyu yana shiga layi sau biyu, sau ɗaya da tarawa a tsakiya, sau ɗaya da ɗebewa a gefe, don haka yana share kansa. Abin da zai rage shi ne na resistan da ke sauka ƙasa kaɗai. A matiris ɗin da aka gyara, `G.sum(axis=1)` zai ba da 0.1 da 0.05 da 0.125, waɗanda su ne ɗaya bisa 10 da ɗaya bisa 20 da ɗaya bisa 8, kuma ɗalibi yana iya ɗora yatsa a kan kowannensu a cikin zane. Matiris ɗin Sadiƙu na farko yana ba da 0.5 da 0.95 da 0.625, waɗanda babu resistan da ya dace da su.

Bayan an warware kuma, a koma kan da'irar da kanta. Karant ɗin da ke sauka ƙasa shi ne 15 bisa 10, wato 1.5, da 10 bisa 20, wato 0.5, da 8 bisa 8, wato 1. Jimilla amfiya 3, daidai da abin da tushen farko ya ɗebo daga ƙasa. Idan aka sa amsar farko mai alamar ɗebewa, jimillar za ta zama 2, kuma nan take a ga amfiya ɗaya ya ɓace. Mai son ƙarin tabbaci ya lissafa wutar da ake ci: resistoci biyar ɗin suna cin wat 22.5 da 5 da 5 da 1 da 8, jimilla 41.5. Tushen farko yana bayar da 3 sau 15, wato 45. Tushe na biyu yana kai karant daga bolt 15 zuwa bolt 8, gangara yake yi, don haka ba bayarwa yake ba, sha yake yi, wat 3.5. Idan aka ɗebe 3.5 daga 45 an dawo kan 41.5.

Sadiƙu, Farar Gada

Na gode ƙwarai, ranki ya daɗe. Na gyara kuma komai ya hau. Aikin da ke tafe yana da mahaɗu takwas da resistoci masu yawa, kuma ina tsoron sake manta wata alama idan na cike gurabe 64 da hannu. Akwai hanyar da za a sa Python ya cike da kansa?

Dauda, Bukuru

Wannan kam na taɓa yi. Maimakon ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, ka bi resista ɗaya bayan ɗaya, domin kowane resista gurabe huɗu yake taɓawa ba ƙari. Ka ba ƙasa lamba 0, hakan zai sa lambar mahaɗa ta dace da lambar gurbi, tun da Python daga sifili yake fara ƙirga:

```python
R = [(1, 0, 10), (1, 2, 5), (2, 0, 20), (2, 3, 4), (3, 0, 8)]
G = np.zeros((4, 4))
for a, b, r in R:
    G[a, a] += 1/r
    G[b, b] += 1/r
    G[a, b] -= 1/r
    G[b, a] -= 1/r
V = np.linalg.solve(G[1:, 1:], I)
```

Abin da zai rage maka shi ne kwafe jerin resistocin daga zane ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Akwai dai abin da nake yi a nan wanda ban san dalilinsa sosai ba: ina yanke layin ƙasa da ginshiƙinta da `G[1:, 1:]` ne saboda idan na bar su amsar tana lalacewa. Ina ganin kamar ana zubar da ikweshan guda ne, alhali ƙasa ma mahaɗa ce da dokar Kirchhoff ta hau kanta.

Injiniya Binta, Rayfil

Kod ɗin Dauda yana da kyau, kuma ita ce hanyar da manhajojin kwaikwayon da'ira irin su SPICE, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, suke bi wajen gina matiris: kowane ɓangare na da'ira yana zuba nasa rabon a gurabensa.

Game da layin ƙasa, ba a zubar da komai ba. Dokar ta hau kan ƙasa, amma abin da layinta ke faɗa yana cikin sauran layukan uku tun da farko. Idan ka tara layukan mahaɗa ta 1 da ta 2 da ta 3 ka juya alama, layin ƙasa za ka samu. Ke nan kana da abubuwa huɗu da ake nema da ikweshan uku na gaskiya. A zahiri ma haka abin yake, domin resista bambancin boltej kawai yake ji. Idan ka ƙara bolt 100 a kan dukan mahaɗu huɗu, suka zama 100 da 115 da 110 da 108, babu karant ɗin da zai canja. Sai ka kafa mahaɗa ɗaya ka ce wannan ita ce sifili kafin amsa ta zama guda, kuma yanke ginshiƙin ƙasa shi ne wannan kafawar.

Akwai abin da nake so ku kiyaye a nan. Idan aka ba numpy matiris ɗin da ba a yanke wa layin ƙasa da ginshiƙinta ba, wani lokaci yana tsayawa ya rubuta `LinAlgError: Singular matrix`, kuma wannan shi ne sauƙin lamarin, domin an faɗa maka. Wani lokaci kuwa ba ya tsayawa. Lambobi irin 0.1 ba sa zama cif a cikin kwamfuta, saboda haka abin da ya kamata ya zama sifili a tsakiyar lissafi yana iya zama wata ƙwayar lamba ƙarama ƙwarai, a raba da ita, a ba ka amsar da ba ta da ma'ana ba tare da wani gargaɗi ba, sau da yawa boltej mai sifili goma sha wani abu a bayansa. Shi ya sa nake duba `np.linalg.cond(G)` a duk da'irar da ban saba da ita ba. Idan ya kai wajen `1e15` ko sama, ba na karanta amsar ma, zane nake komawa. Haka yake faruwa idan wani sashe na da'irar ba shi da hanyar resista zuwa ƙasa, misali idan an tsallake layi ɗaya wajen kwafe jerin, ko an ba mahaɗa ɗaya lambobi biyu.

Sadiƙu, ka kuma bar `np.zeros` yadda Dauda ya rubuta shi. Idan ka fara da matiris na cikakkun lambobi, kamar wanda aka sa wa `dtype=int`, duk 0.2 da 0.05 da ka zuba a gurbi za su koma sifili ba tare da an sanar da kai ba.

Baba Luka, Dilimi

Ina gaishe ku duka. Ni mai haɗa sola ne, shekaruna a wannan sana'a sun fi na karatun da na yi, amma ina bin maganarku daki-daki. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan tushen karant da kuke ta ambata. A shagona babu shi. Batir nake da shi, kuma batir bolt yake bayarwa, karant ɗin kuwa kayan da aka jona ne ke yanke shi. To a wane gurbi zan sa batir a cikin wannan lissafi, tun da ɓangaren dama amfiya kawai yake karɓa?

Injiniya Binta, Rayfil

Baba, barka da shigowa, kuma tambayarku ta taɓa iyakar wannan ƙa'ida. Cikewa da ido yadda muka bayyana tana aiki ne idan resistoci da tushen karant kaɗai ke cikin da'ira. Tushen boltej ba shi da gurbi a ciki, saboda ba a san karant ɗinsa ba sai an gama lissafi.

Mu ɗauki da'irar Sadiƙu mu cire tushen amfiya 3, mu sa tushen bolt 15 a wurinsa, kansa a mahaɗa ta 1, gindinsa a ƙasa. Hanya mafi sauƙi ita ce a lura cewa yanzu an san `V1`, don haka ba a nemansa. A layin mahaɗa ta 2, 0.2 sau 15 ya zama 3, sai ya ƙaura ɓangaren dama. Abin da ya rage mahaɗu biyu ne:

```python
G2 = np.array([[ 0.5,  -0.25],
               [-0.25,  0.375]])
I2 = np.array([3.0, 0.5])
```

Wannan zai ba da 10 da 8 kamar da. Amma hanyar tana da sauƙi ne kawai idan gindin batir yana ƙasa. Wadda ke aiki a kowane hali ita ce a ɗauki karant ɗin batir a matsayin ƙarin abin nema, a ƙara masa ginshiƙi, sannan a ƙara layi ɗaya da ke cewa boltej ɗin mahaɗa ta 1 bolt 15 ne:

```python
A = np.array([[ 0.3, -0.2,   0.0,   1],
              [-0.2,  0.5,  -0.25,  0],
              [ 0.0, -0.25,  0.375, 0],
              [ 1,    0,     0,     0]])
b = np.array([-0.5, 0.0, 0.5, 15.0])
```

Amsar ita ce 15 da 10 da 8, sai ta huɗu 3 da alamar ɗebewa. A nan alamar ba kuskure ba ce. Mun ƙirga karant ɗin a matsayin mai barin mahaɗa ta 1 yana shiga batir, sai lissafi ya nuna akasin haka ne, batir ne ke turo amfiya 3. Idan batir yana tsakanin mahaɗu biyu, a sa 1 a ta wajen kansa, a sa 1 mai alamar ɗebewa a ta wajen gindinsa, a ginshiƙi da kuma layi. Injiniyoyi uku na kamfanin IBM, Ho da Ruehli da Brennan, su suka wallafa wannan tsari a 1975. Ku lura cewa gwajin tara layi ba ya aiki a kan wannan babban matiris, sai a kan sashen resistocinsa.

Dauda, Bukuru

Ni ina ganin akwai hanyar da ta fi dacewa da Baba. Batir na gaske yana da turjiyar ciki. Idan na bolt 12 ne kuma muka ɗauki turjiyarsa da ta wayarsa om 0.05, ana iya mayar da shi tushen karant mai amfiya 240, wato 12 bisa 0.05, tare da resista mai om 0.05 a gefensa. Sai a zuba 20 a gurbin mahaɗar, a zuba 240 a ɓangaren dama, ba a ƙara layi ko ginshiƙi ba, kuma kod ɗin da na bayar zai ɗauke shi yadda yake.

Baba Luka, Dilimi

Amfiya 240 fa, Dauda? Wannan ai karant ɗin da ke narka waya ne idan sifana ta faɗo kan kawunan batir.

Injiniya Binta, Rayfil

Shi ne kuwa, Baba, kun gane shi daidai. Lambar ita ce karant ɗin da zai gudana idan aka haɗe kawunan biyu kai tsaye. A cikin lissafin, kusan dukansa yana komawa ta cikin resistan om 0.05 da ke gefe, abin da ya rage ne ke fita zuwa kaya. Hanyar Dauda sahihiya ce, sai dai ina da ja a kan fifita ta. Ba ta ba da karant ɗin batir kai tsaye, sai an sake lissafi da `(12 - V)/0.05`, kuma wanda ya lissafa zafin da resistan gefen ke ci zai samu lambar da ba ta da alaƙa da abin da ke faruwa a cikin batir. Ga mai sana'ar da karant ɗin batir shi ne abin da ya fi buƙata domin zaɓen kaurin waya da fis, na fi son hanyar ƙarin layi, a sa turjiyar cikin a matsayin resista na dabam.

Dauda, Bukuru

Ban gamsu gaba ɗaya ba, ranki ya daɗe. Layi ɗaya na ƙarin lissafi bai kai wahalar ƙara mahaɗa da layi da ginshiƙi ga kowane batir ba, musamman ga mai batura huɗu a jere da juna.

Malama Rahila, Tudun Wada

Wannan saɓani ina ganin ya dogara ne da abin da mutum ke nema. Nawa damuwar dabam ce. Idan na ba ɗalibai kod ɗin Dauda tun farko, za su warware da'ira mai mahaɗu ashirin ba tare da sun taɓa tsayawa a kan mahaɗa ɗaya sun ƙirga karant ba, kuma ranar da amsa ta fito a karkace ba za su ji komai ba. Idan kuma na hana su, za su ɓata zango guda suna neman alamomin da suka ɓace. Har yanzu ban yanke inda zan tsaya ba, amma ina karkata ga tilasta musu cike mahaɗu uku da hannu, su yi gwajin tara layi da na karant ɗin ƙasa, kafin su ga kod.

Sadiƙu, idan za ka haɗa da'irar a ɗakin gwaji, kada ka yi amfani da lambobin nan yadda suke, domin resistan om 10 zai ci wat 22.5, ƙananan da ake sayarwa kuwa rubu'in wat suke ɗauka. Ka ninka kowace turjiya sau 1000, ka raba kowane karant da 1000. Boltej ɗin zai zauna 15 da 10 da 8, resistan kuma miliwat 22.5 zai ci. Kada ka yi mamaki idan mita ta nuna 9.8 ko 10.2 a mahaɗa ta 2, tun da resista mai zoben zinariya yana iya kaucewa da kashi 5 cikin 100.

Baba Luka, Dilimi

Na gode Injiniya, na gode Dauda. Zan gwada hanyoyin biyu a kan wani layi da nake ja daga ɗakin batir zuwa shaguna uku, in ga nawa boltej ke faɗuwa kafin ya kai na ƙarshe. Wayoyin na san yadda zan sa su, tun da tsawo da kauri ne ke ba da turjiyarsu. Abin da ban sani ba shi ne kayan da ke ƙarshen layin. Inbata ba resista ba ce: idan boltej ya sauka ƙara jan karant take yi domin ta riƙe wat ɗinta. Wace lamba zan sa mata a gurbi?

Injiniya Binta, Rayfil

Babu lamba ɗaya tsayayya da za ku sa mata, Baba, domin karant ɗinta ya dogara da boltej ɗin da ake nema. Abin da ake yi shi ne a fara da zato. Ku ɗauki boltej ɗin mahaɗar bolt 12 ne, ku raba wat ɗin da inbata ke ja daga batir da shi, ku sa sakamakon a ɓangaren dama da alamar ɗebewa tun da barin mahaɗar yake yi, ku warware. Sai ku ɗauki sabon boltej ɗin ku sake rabawa ku sake warwarewa, har lambar ta daina motsi. Idan waya tana da kauri, zagaye kaɗan ya isa. Idan kuwa boltej ɗin ya ci gaba da sauka a kowane zagaye bai tsaya ba, wayar ce ba za ta iya kai wannan wat ɗin ba. Ku turo tsawon wayoyin da kaurinsu da wat ɗin kowane shago, mu cike matiris ɗin tare.